Inda Kilo Biyu Ke Ɓacewa a Cikin Amfilifaya

Sikelin lantarki da ake ɗora wa buhun hatsi yana da wani guntun ƙarfe a ƙarƙashin farantinsa, an manna masa siraran wayoyi kamar zare. Idan kaya ya danne shi sai ya ɗan lanƙwashe, wayoyin su miƙe, wutar da ke fitowa daga cikinsu ta canza. Wannan wuta ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Galibin irin waɗannan ƙarafan awo suna ba da milibolt 2 a kan kowane bolt ɗaya da aka ba su, idan an cika musu nauyin da aka yi su dominsa. Ke nan in an ba ƙarfen bolt 5, aka ɗora masa cikakken kilo 100, abin da zai fitar bai wuce milibolt 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda. Kafin wani ɓangare na sikelin ya iya karanta wannan ya mai da shi lamba, sai an ninka shi sau ɗaruruwa.

Wannan aikin ninkawa na amfilifaya ne, kuma a yau kusan kullum ana gina ta ne a kan wani ɗan ƙaramin aisi mai ƙafa takwas da ake kira of-am. Duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ko inbata ko tsohuwar amfilifayar lasifika ya ga irinsa, an rubuta masa 741 ko LM358 ko TL072 a bayansa. Yana da ƙofar shiga biyu, ɗaya mai alamar tarawa ɗaya mai alamar ɗebewa, da mafita guda. Aikinsa ɗaya ne tak: ya duba bambancin da ke tsakanin ƙofofin nan biyu, ya ninka shi ninki mai yawan gaske, ya fitar.

Ninkin da yake yi shi kaɗai, ba tare da an ɗaura masa komai ba, shi za mu kira ɗanyen ninki, kuma a lissafi ana rubuta shi da harafin A. A 741, wanda kamfanin Fairchild ya fito da shi a 1968 bisa zanen David Fullagar, wannan ninki yakan kai wajen dubu 200. Ba wanda ke aikin awo da shi haka. Da wutar bolt 15, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milibolt ba ya isa ya kai mafita maƙura ta tsaya cak. Don haka ake ɗaure shi: a yanko wani ɗan rabo daga abin da ya fito, a mayar da shi ƙofar ɗebewa, domin ya riƙa rage wa kansa ƙarfi. Rizisto biyu ne ke yanka wannan rabo. Ɗaya, Rf, ya taso daga mafita zuwa ƙofar ɗebewa. Ɗayan, R1, daga ƙofar ɗebewa zuwa ƙasa. Sai a ce ninkin da za a samu shi ne:

```
G = 1 + Rf/R1
```

Mai son milibolt 10 ya zama bolt 5 yana buƙatar ninki 500. Sai ya sa R1 mai om dubu ɗaya, Rf mai om dubu 499, ya gama. Sikelin gaskiya ya fi haka sarƙaƙiya, domin ƙarfen awo wayoyi biyu yake fitarwa kuma akan haɗa of-am biyu ko uku, ko a yi amfani da aisi na musamman. Amma lissafin da ke ciki ɗaya ne, kuma ya fi fitowa sarai a wannan sauƙaƙan tsari.

Abin lura a ƙa'idar nan ta sama shi ne babu A a cikinta ko kaɗan. An cire shi ne bisa wani zato da ake koya wa ɗalibi tun makon farko: a ɗauka ɗanyen ninki ba shi da iyaka, saboda haka ƙofofin biyu suna daidai wa daida, ba bambancin komai a tsakaninsu. Zato ne mai amfani, kuma a mafi yawan ayyuka ba ya cutar da kowa. Sai dai ba of-am ɗin da aka taɓa ƙerawa mai ninki marar iyaka, kuma idan ana neman ninki babba daga aisi guda, gaskiyar takan fito a kan allon sikeli.

Kuɗin da of-am ke karɓa kafin ya yi aiki

Hanyar da ta fi sauƙin gane lamarin ita ce a faro daga mafita a dawo baya. Of-am ba ya fitar da komai sai akwai bambanci a ƙofofinsa. In bambancin sifili ne, abin da zai fito ma sifili ne, komai girman ninkin. To, nawa yake buƙata don ya fitar da bolt 5? A raba bolt 5 da A. Idan A dubu 200 ne, amsar ita ce milibolt 0.025. Wannan ɗan abu daga ina zai fito? Daga cikin milibolt 10 ɗin da ƙarfen awo ya kawo. Of-am ya riƙe nasa rabon, saura ne rizistocin ke ninkawa sau 500. Kuma 0.025 a cikin 10 rubu'in kashi ɗaya ne cikin ɗari. Maimakon bolt 5 cif, sai a sami 4.988. A buhu mai kilo 100, giram 250 sun ɓace.

Cikakkiyar ƙa'idar ita ce wannan, inda β yake nufin rabon da aka mayar, wanda a nan ɗaya ne cikin 500:

```
β = R1/(R1 + Rf)
G = A/(1 + Aβ)
kuskure = 1/(1 + Aβ)
```

Adadin nan Aβ shi ne zuciyar maganar. A sauƙaƙe, shi ne sau nawa ɗanyen ninki ya fi ninkin da aka nema. Rara ce da aka ajiye ba a taɓa ba, kuma da ita of-am ke gyara kurensa. Dubu 200 a raba da 500 ya ba da 400, kuskure kuma kusan ɗaya cikin 400 ke nan. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin: a raba ninkin da ake so da ɗanyen ninki, abin da ya fito shi ne kuskuren, kusan daidai. Kuma kullum ragi ne. Ninkin da aka samu ba ya taɓa zarce wanda rizistocin suka yi alkawari ta wannan dalili, ƙasa da shi yake tsayawa.

Daga nan ake gane abin da ya sa mutum zai yi shekaru yana haɗa amfilifaya bai taɓa cin karo da wannan matsala ba. Mai neman ninki 10 daga 741 ɗin nan yana da rarar dubu 20, kuskurensa kashi 0.005 cikin ɗari, wanda ba mitar da ke kan teburinsa da za ta gan shi. Kuskuren yana tashi ne daidai da tashin ninkin da aka nema. Ninki 100 ya fi ninki 10 kuskure sau goma, ninki 1000 kuma sau ɗari.

Wannan dabara ta sayar da ninki a sayi daidaito ta girmi of-am. Harold Black, injiniya a ɗakunan binciken Bell a Amurka, shi ya gano ta a watan Agustan 1927, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya zana ta a shafin jaridar da ke hannunsa. Damuwarsa layukan tarho masu nisa ne, inda ake jera amfilifayoyi masu kwalaben bakyum ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙarfinta na sauyawa da tsufa da canjin wuta, kowace na ɗan gurɓata murya, kuma kuren kowace yana hawa kan na 'yar'uwarta har ƙarshen layi. Abin da ya ba da shawara ya yi wa mutane da yawa banbaraƙwai a lokacin: a gina amfilifaya mai ƙarfin da ya wuce buƙata nesa, sannan a zubar da mafi yawan ƙarfin da gangan. Sai a 1937 aka ba shi takardar mallakar fasahar. Ƙa'idarsa ita ce dai wadda ke sama, kuma tun a ranar farko ba ta ce kuskure zai gushe ba. Cewa ta yi za a raba shi da 1 + Aβ.

Layin da ba a cika karantawa ba

Giram 250 a buhu ba abin tayar da hankali ba ne. Matsalar ita ce dubu 200 ɗin nan ba alkawari ba ne. A takardar bayanan da masana'anta ke fitarwa akwai layi mai suna `Large-signal voltage gain`, kuma a gabansa akwai ginshiƙai. Wanda aka rubuta wa `TYP` yana faɗin abin da aka fi samu ne idan an auna aisi masu yawa. Wanda aka rubuta wa `MIN` shi ne abin da kamfani ya ɗau alhakinsa. A 741C, wanda shi ne na kasuwa, na farko dubu 200 ne, na biyu kuwa dubu 20 kacal. Duk aisin da ya faɗo tsakanin nan lafiyayye ne a wajen kamfani, ba wanda zai karɓe shi a matsayin mai aibi. Haka abin yake a sauran: LM358 yakan ba da dubu 100, amma dubu 25 aka lamunce.

A sake lissafin da dubu 20. Rarar ta dawo 40. Don fitar da wajen bolt 5, of-am yanzu yana buƙatar kusan rubu'in milibolt a tsakanin ƙofofinsa. Daidai lissafi, ya riƙe 0.244, ya bar 9.756, wanda in aka ninka sau 500 ya ba da bolt 4.878. Ninkin ya sauko daga 500 zuwa 487.8, kuskuren ya kai kashi 2.44 cikin ɗari. Buhu mai kilo 100 zai nuna 97.6. A buhun da ake lissafa wa kwano arba'in, kusan kwano guda ke nan ya tafi, alhali rizistocin daidai suke, likin dalma ba aibi, kuma zanen yana nan yadda littafi ya ce.

Ga kuma abin da ya fi damun mai ƙera kaya da yawa: fanel biyu masu zane ɗaya, kaya ɗaya, daga leda ɗaya, ɗaya ya nuna 99.75 ɗayan ya nuna 97.6. Wanda ya gwada na farko ya ga ya yi kyau, ya ɗauka sauran ma haka za su yi, ya gina aikinsa a kan sa'a. A ra'ayin mai wannan rubutu, wannan ɗabi'a ta lissafi da ginshiƙin tsakiya ta fi rashin sanin ƙa'idar kanta ɓarna, domin mai yin ta yana ganin ya riga ya duba.

Idan abin da amfilifaya ta fitar zai shiga na'urar mai da wuta lamba, ana iya auna ɓarnar da matakai. Wadda ke cikin allon Arduino Uno tana raba bolt 5 gida 1024, kowane mataki kusan kashi 0.1 cikin ɗari. Kuskuren kashi 2.44 ya cinye matakai 25. In kuwa mai gida 4096 ce, kuma ana son kuskuren ya tsaya ƙasa da rabin mataki, sai rarar ta haura 8000. A ninki 500 wannan yana nufin ɗanyen ninki sama da miliyan huɗu. Ko 741 mafi kyau bai kusanci wurin ba.

Saiti yana maganin rabi

Mai gyara zai ce ai wannan mai sauƙi ne: a ɗora ma'aunin da aka san nauyinsa, a murɗa rizisto mai juyawa har allo ya nuna daidai, ko a gyara lambar a cikin manhaja. Gaskiya ne, kuma haka ake yi wa kowane sikeli. Da kuskuren a tsaye yake wuri ɗaya, da magana ta ƙare a nan.

Amma A ba ya zama wuri ɗaya. Yana sauyawa da zafi, da ƙarfin wutar da aka ba aisin, da nauyin abin da aka rataya wa mafitarsa. Takardar 741C kanta ta nuna haka: dubu 20 ɗin nan a zafin digiri 25 aka lamunce shi, da lodin da bai gaza om dubu biyu ba; a duk faɗin zafin da aka yarje masa, daga sifili zuwa digiri 70, lamunin ya sauko dubu 15. A ƙasar da bazara ke haura digiri 40 a inuwa, kuma na'urar tana cikin rufaffen akwatin ƙarfe, digiri 25 na takarda ba shi ne yanayin aiki ba.

A ce an saita sikeli da safe A yana dubu 20, da rana ya sauko dubu 15. Rarar ta tashi daga 40 ta koma 30, ninkin ya sauka daga 487.8 zuwa 483.9. Bambancin kashi 0.8 ne cikin ɗari, giram 800 a buhu, kuma saitin safe bai san da shi ba. Yanzu a ɗauki aisi mai dubu 200, shi ma ya yi asarar rubu'in ƙarfinsa ya koma dubu 150. Ninkin zai motsa daga 498.75 zuwa 498.34 kawai, kashi 0.08 cikin ɗari. Faɗuwar iri ɗaya ce, rubu'i da rubu'i, amma abin da ya iso allo ya bambanta kusan sau goma. Rara mai yawa tana rage kuskuren, tana kuma hana shi yawo, kuma na biyun nan shi ne mafi daraja, tunda shi ne saiti ba ya iya gyarawa.

Akwai wani ɓangare mai kama da wannan. Ɗanyen ninki ba ɗaya ba ne a kowane matakin mafita. Yakan ragu idan mafita ta kusanci iyakar wutar da aka ba aisin. Sakamakon haka sikelin da aka saita a kilo 50 zai iya yin daidai a can ya gaza a kilo 100, domin layin ya ɗan lanƙwasa. Masu ba of-am bolt 5 kuma su nemi ya fitar da kusan bolt 5 su suka fi gamuwa da wannan.

Yadda ake rarrabe shi da sauran kurakurai

Adalci ne a faɗi cewa a tsarin nan na 741 mai ninki 500, ba wannan kuskure ne zai fara bayyana ba. Kowane of-am yana da 'yar karkata ta haihuwa a ƙofofinsa, ofset, wadda a 741C takan kai milibolt ɗaya ko biyu, kuma an yarje mata har shida. Milibolt biyu sau 500 bolt guda ne cur, ba a ɗora komai a sikeli ba. Sannan rizisto masu lamunin kashi ɗaya cikin ɗari, in ɗaya ya karkata sama ɗaya ƙasa, za su iya kawo kashi biyu. Kurakurai uku ke nan a wuri guda, kuma kowanne maganinsa daban.

Ofset shi ya fi sauƙin warewa, domin ba ruwansa da girman abin da ya shigo. A auna mafita ba komai a ƙofa, a sake aunawa da milibolt 10, a ɗebe na farko daga na biyu, a raba da milibolt 10. Ofset ya fita daga lissafi, abin da ya rage shi ne ainihin ninkin. In ya gaza 500, saura a san ko rizisto ne ko ƙarancin rara.

A nan sai a taɓa abin da ke motsa ɗaya ya bar ɗaya. A cire aisin daga soket a sa wani irinsa: kuskuren rizisto zai tsaya inda yake, na ɗanyen ninki zai canza. A rataya rizisto mai om dubu biyu daga mafita zuwa ƙasa: amfilifaya mai wadatar rara ba za ta ko motsa ba, mai ƙarancinta za ta sauko. A ɗan ɗumama aisin shi kaɗai da iska mai zafi, a sake awon nan guda biyu, domin zafi yana motsa ofset ma, kuma wanda ya auna wuri ɗaya kawai zai ɗora wa A laifin da ba nasa ba. In kuma ninkin ya haura 500 ne, to a bar zargin of-am, a koma kan rizistocin.

Sai a kula da mitar kanta. Ƙaramar mitar hannu ta kasuwa tana da nata kuskuren da ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma ba ta ganin milibolt 10 da kyau. Dabarar ita ce a samar da milibolt 10 ɗin daga bolt 5 ta hanyar rizisto biyu da aka san rabonsu sosai, sannan a gwada mafita da wannan bolt 5 ɗin a kan mita ɗaya, a zango ɗaya. Kuren mitar zai faɗa wa awon biyu daidai ya soke kansa.

Maganin kuwa iri biyu ne. Na farko a canza aisi. An ƙera OP07 da 'yan'uwansa don irin wannan aiki, da ofset na 'yan maikirobolt gommai da ɗanyen ninki na dubban ɗaruruwa. Na bayansa kamar OP177 sun kai miliyoyi. Da ninki miliyan biyu, kuskuren tsarin nan ya koma kashi 0.025 cikin ɗari. Na biyu ya fi arha, kuma ya fi nuna ƙa'idar: a raba aikin gida biyu. Mataki na farko ya ninka sau 25, na biyu sau 20, jimla 500 ɗin dai. Ko da aisi biyun duka masu dubu 20 ne, na farko zai yi kuskuren kashi 0.125, na biyu kashi 0.1, a haɗe 0.225. An rage shi fiye da sau goma da ƙarin of-am guda, wanda sau da yawa ma yana nan zaune ba aiki, tunda LM358 da TL072 biyu-biyu suke a gida ɗaya.

Mai amfani da tsarin da ke juya alama, inda sigina ke shiga ta ƙofar ɗebewa, ya lura da abu ɗaya: rarar ba da ninkin siginar ake lissafa ta ba, da 1 + Rf/R1 ake yi. A babban ninki bambancin ba komai ba ne, amma a mahaɗar sauti mai ƙofofi goma da suka taru a ƙafa ɗaya, kowace ƙofa ninkinta ɗaya ne, of-am kuwa yana ɗauke da nauyin goma sha ɗaya.

Idan siginar tana kaɗawa

Duk lissafin da ya gabata na wutar da ke tsaye ne ko mai canzawa a hankali, kamar ta sikeli. Da zarar sigina ta fara kaɗawa, dubu 200 ɗin nan ya fara zubewa, kuma da wuri. A cikin 741 an dasa ɗan kafasito mai fikofarad 30 da gangan, don ya riƙa rage ninki yayin da saurin kaɗawa ke ƙaruwa. Ba don shi ba, jinkirin da ke cikin taransistocin zai sa abin da aka mayar ya iso a makare har ya koma ƙari maimakon ragi, amfilifaya ta kama kuka ita kaɗai. Farashin wannan natsuwa shi ne ɗanyen ninki yana fara sauka tun daga wajen haz 5. Daga nan duk ninkin sauri sau goma yana rage shi sau goma: dubu 10 a haz 100, dubu ɗaya a haz 1000, har ya kai ɗaya a wajen haz miliyan. Ninki sau saurin kaɗawa kullum yana ba da kusan miliyan ɗaya, kuma wannan adadi ne takarda ke kira `Gain-bandwidth product`.

Ke nan amfilifayar nan mai ninki 500 tana da rarar 40 a haz 50, rarar 10 a haz 200, kuma a haz 2000 rarar ta ƙare ta koma ɗaya.

A nan ne ƙwararru ma kan yi tuntuɓe. Wanda ya zuba rarar 10 cikin ƙa'idar farko zai ce kuskuren kashi 9 ne cikin ɗari. Idan ya auna zai tarar da kusan rabin kashi ɗaya. Dalili kuwa, kafasiton nan ba rage ninki kawai yake yi ba, yana jinkirta shi da rubu'in zagaye, digiri 90. Rabon da of-am ke riƙewa yanzu ba ya kan layi ɗaya da siginar. A gicciye yake da ita, kamar gajeren gefen alwatika mai kusurwar tsaye. Idan dogon gefe 10 ne gajere kuma ɗaya, gefen da ya haɗa su 10.05 ne kawai. Saboda haka ragin girma ya zama:

```
G = (1/β) / √(1 + 1/(Aβ)²)
kuskure ≈ 1/(2(Aβ)²)
```

A haz 2000, inda rarar take ɗaya, ninkin ba rabi yake komawa ba. Yana sauka zuwa kashi 71 cikin ɗari, wato wajen 354.

Kuskuren bai gushe ba, wuri ya sake. Abin da bai fito a girma ba ya fito a lokaci: siginar tana fita a makare, da digiri 5.7 a haz 200, da digiri 1.4 a haz 50. Ga mai sauraron lasifika wannan ba ya nufin komai. Ga mai auna wutar gida kuwa, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar, yana da nauyi. Mitar wuta tana ninka bolt da amfiya a kowane ɗan lokaci, kuma sakamakon ya dogara da kusurwar da ke tsakaninsu. Idan lodin hita ne ko dutsen guga, inda su biyun ke tafiya tare, jinkirin digiri 1.4 bai kai a ambata ba. Idan kuwa injin mota ne mai juyawa ba kaya sosai, inda amfiya ke bin bayan bolt da digiri 60, ƙarin digiri 1.4 a hanyar amfiya yana rage abin da mitar ke karantawa da sama da kashi 4 cikin ɗari. Mai gwaji da ya duba girman siginar kawai zai ce amfilifayarsa lafiya lau take, domin ta wannan fuskar ragin da kaɗawa ta jawo kashi 0.03 ne kacal.

Raba ninkin gida biyu yana aiki a nan ma. Matakin da ke ninka sau 25 yana da rarar 800 a haz 50, mai ninka sau 20 yana da 1000, jinkirinsu a haɗe kuma wajen digiri 0.13 ne, wanda ya mai da kuskuren mitar a kan wancan injin ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. In ana son fiye da haka sai a koma ga aisi mai sauri, kamar TL072 mai haz miliyan 3 ko NE5532 mai miliyan 10. Amma waɗannan adadin ma daga ginshiƙin `TYP` suke, suna bambanta daga aisi zuwa aisi kuma suna motsi da zafi, don haka mai zanen da ke son jinkirin ya tsaya a wani iyaka sai ya yi lissafinsa da adadin da ya gaza na takarda da tazara mai kyau, sannan ya tabbatar da shi a kan fanel fiye da ɗaya.